Kalma Ɗari da Ashirin

A ofishinsu Tsaf ake kiran yayata, har wasu sababbin ma'aikata suna zaton sunan yanka ne. Shekara ashirin da bakwai ta yi tana buga takardu a wani ƙaramin ɗaki da ke ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin ajiyar fayil da matakalar baya. Da tafireta ta fara, mai baƙin ƙyalle da ke ɓata yatsu, daga baya aka kawo kwamfuta ta koya cikin mako biyu ba tare da ta roƙi kowa ba. Takardar da ta fito daga hannunta ba a mayar da ita. Idan shugaban sashe ya sa waƙafi a inda bai dace ba, haka za ta buga shi, sai dai ta ɗiga masa fensir a gefe ya gani da idonsa. Ta sha gaya mini cewa mai buga takarda ba ta da baki, ido gare ta da yatsu, abin da ke tsakaninsu kuma ba ruwanta da shi.

Ni ce autar gidanmu, malamar sakandare, kuma ko a gida an san ba ni da haƙuri. Shekara goma sha ɗaya ce tsakanina da Yaya. Ita ta riƙe ni a makaranta bayan rasuwar Baba, ita ce kuma har yau take zaune da Inna, wadda kunnenta ya yi nauyi sai an ɗaga murya. Duk abin da na zama, da yatsun nan goma aka buga shi. Na faɗi wannan ne don a gane abin da ya sa abin da ya biyo baya ya tsaya mini a rai.

Wata Litinin aka miƙa mata sanarwa mai shafi uku, ta buga, ta fitar da kwafi arba'in, ta jera su gefe da gefe kamar yadda ta saba. Tsohon masinjan ofis ne ya zo ɗauka, ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya hularsa.

"Sannu, Tsaf. Allah Ya sa haka ne mafi alheri."

"Wa ya rasu?" in ji Yaya.

"Au, ba ki karanta ba? Ke fa kika buga."

Sai a lokacin ta zauna ta karanta abin da hannunta ya gama bugawa. An soke muƙamin masu buga takardu, tunda yanzu kowane jami'i yana da kwamfuta a gabansa. Mai son ci gaba da aiki sai ya ci jarrabawar zama akawu, kuma sau biyu kawai aka yarda mutum ya zauna. Wanda ya faɗi sau biyu, sallama. Da ta ba ni labarin na yi dariya har da hawaye, ita ma ta yi, daga baya dariyar ta tsaya mana duka a lokaci guda.

Takardu uku ne a jarrabawar. A zaman farko ta ci dokokin aiki, ta ci lissafi, ta faɗi ta uku, wato taƙaitawa. A wannan takarda ana ba mutum rubutu mai kusan kalma ɗari biyar, a ce ya fito da manyan batutuwansa cikin kalmomin da ba su wuce ɗari da ashirin ba, da nasa kalmomin, ba tare da ɗauko jimlolin marubucin ba. Maki talatin ne, sha biyar ake nema. Yaya ta samu huɗu. Ba ta gaya wa kowa ba sai da ya rage mako bakwai a sake zaman wannan takarda, sannan ta zo gidana ran Asabar da la'asar, da jakarta a ƙirji kamar mai zuwa asibiti.

"Auta, abin nan da kike koya wa yara. Ki duba mini inda na ɓata."

Na ba ta wani rubutu a kan ƙarancin ruwa, irin wanda nake ba 'yan aji biyar, na ce ta gwada. Cikin minti ashirin ta miƙo mini shafi mai kyan gani, rubutu a miƙe kamar an ja da zare, babu gogewa ko ɗaya. Na karanta jimlar farko: "Sakamakon ƙaruwar yawan jama'a da kuma raguwar ruwan sama a shekarun baya-bayan nan, rijiyoyin da ke unguwanni da dama sun fara ƙafewa tun kafin tsakiyar rani." Na duba asali. Ko waƙafin bai gusa ba. Jimla biyar ta zaɓo, kuma gaskiya ta iya zaɓe, amma dukansu na marubucin ne.

"Yaya, wannan ai kwafi ne."

"To, shi ya faɗa daidai. In lalata masa?"

"Ba a ce ki lalata ba. An ce ki faɗa da bakinki."

"Bakina ya fi nasa ne? Mutum ya zauna ya tsara maganarsa, ni da ko jarida ban taɓa rubutawa ba in zo in canza?"

Na yi mata bayani yadda nake yi a aji. Mai duba takarda yana da jerin batutuwa a gabansa, kowanne da makinsa. Yana so ya ga ko mutum ya fahimci abin da ya karanta, kuma jimlar da aka ɗauko ɗungurungum ba ta nuna masa komai sai cewa mutum ya iya kwafi, don haka sifili yake ba ta ko da ita ce amsar. Kalmar da ba ta da madadi, kamar rijiya ko ruwan sama, ba laifi a bar ta. Misalai, alƙaluma da maimaici kuwa a zubar. Ba a ƙara ra'ayi, ba a kuma ƙara abin da marubucin bai ce ba. Ta rubuta duk abin da na faɗa a littafinta, kalma da kalma, har da "kin gane ko?" da nake yawan cewa.

Asabar ta biyu ta zo da dabara. Inda marubuci ya ce "sakamakon" ta sa "saboda", inda ya ce "da dama" ta sa "da yawa", sauran jimlar tana nan yadda take. Na ce mata wannan kamar a sace riga ne a canza maɓalli. Ta ɓata rai, ta ce ba ta taɓa sata ba a rayuwarta. Na koya mata hanyar da ke yi wa kowane ɗalibi aiki: a karanta sau biyu, a rubuta kowane batu a gefe da kalma uku ko huɗu, a kifa takardar, sannan a rubuta daga abin da aka ajiye a gefe. Na kifa takardar da hannuna, na ɗora kofi a kai. Ta rubuta. Na karɓa, sai ga jimlolin marubucin nan sun dawo cif, da ayoyinsu.

"Kin leƙa?"

"Ta ina? Kofinki na kai."

A ranar na gane irin rijiyar da muka faɗa. Kifa takarda yana aiki ne ga mai mantuwa, Yaya kuwa ba ta mantuwa. Shekara ashirin da bakwai na kallon layi guda a ɗauke shi a kai har a gama bugawa sun mayar da kanta wata irin ma'ajiya. Duk shafin da ta karanta sau biyu yana nan a gaban idonta, ko an kifa ko an ƙone. Abin da ya sa ake yaba mata a ofis shi ne yake neman raba ta da ofis ɗin. Tsoro ya kama ni, kuma ni idan na ji tsoro faɗa nake yi.

Asabar ta uku da ta huɗu duk faɗa ne. Na ja jan biro a ƙarƙashin duk abin da ta ɗauko har shafin ya zama kamar an yanka kaza a kai. Na ce mata 'yan shekara goma sha biyar suna gane wannan cikin darasi biyu. Ta tattara takardunta, ta daidaita gefensu a kan tebur sau biyu, ta ce, "Yaran naki ba a biya su shekara ashirin da bakwai don kada su canza ko harafi ba." Ta fita ba ta sha shayin da na haɗa mata ba. Asabar ta biyar ba ta zo ba, ni ma girman kai ya hana ni kira.

Ran Laraba na je duba Inna, don an kai ta asibiti ranar an canza mata maganin hawan jini. Na tarar da su a tsakar gida. Yaya ta warware doguwar takardar nan da ke cikin kwalin magani, mai ƙananan rubutu gaba da baya, tana karantawa da tabarau a kan hanci. Inna ta gaji da jira.

"Wai me suka ce ne? Kin tsaya kina ta motsa baki."

Yaya ta matsa kusa da kunnenta ta ɗaga murya. "Ɗaya da safe, kullum! Ki rage gishiri! In kin ji jiri ki zauna, kada ki miƙe da sauri! Ko kin ji sauƙi kada ki daina!"

"Shi ke nan duk wannan takarda?"

"Sauran surutu ne, Inna."

Ina tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa. Na karɓi takardar na duba, kusan kalma dubu, kuma abin da ya shafi Inna a ciki shi ne abin da Yaya ta faɗa, babu jimla ɗaya da ta yi kama da ta kamfanin. Na ce, "Yaya, kin san abin da kika yi yanzu?" Ta ce ta gaya wa Inna magani. Na ce shi ne takarda ta uku. Ta kalle ni kamar na zare.

"Wannan ai magana ce. Inna ce fa."

"To daga yau Inna ce mai duba takardarki. Duk abin da aka ba ki, ki tambayi kanki, idan Inna ta ce wai me suka ce, me za ki ƙwala mata a kunne? Shi za ki rubuta, sai dai ki mayar da shi cikakkiyar jimla."

Muka ɗauko rubutun ruwan nan a take. Ta karanta jimlar farko, ta juya wajen Inna, wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta ce da ƙarfi, "Mutane sun yi yawa, ruwan sama ya ragu, shi ya sa rijiyoyi ke ƙafewa da wuri!" Inna ta ce ai ta daɗe tana faɗa, ba mai jin ta. Muka yi dariya. Kalma ashirin da shida sun koma sha shida, kuma nata ne.

Kwana goma sha bakwai suka rage. Kullum na tashi daga makaranta sai gidan Inna, mu yi rubutu ɗaya, wani lokaci biyu kafin magariba. Ba sauƙi abin ya zo ba. Idan ta natsu tana yi, idan na duba agogo na ce saura minti goma sai hannunta ya koma gida, jimlar marubuci ta zubo. Tana kuma tausayin misalai, wai mutum ya sha wahala ya kawo su. Amma makinta ya tashi daga takwas zuwa sha uku, zuwa sha bakwai, sau ɗaya har ashirin da biyu. Saboda lokaci ya ƙure, muka raba aiki ba tare da mun yi shawara ba: ita ta rubuta, ni in fizge takardar in bi da bakin biro ina ƙirgawa, in ce ya wuce da tara, rage. Ta rage, in sake ƙirgawa. Na fi ta sauri a wannan, kuma ba na iya zama ina kallon mutum yana abu a hankali.

Ranar jarrabawa Asabar ce, ƙarfe tara, a babban ɗakin taro na wata makarantar horar da ma'aikata. Na raka ta har ƙofa. Ta sa rigar da take zuwa ofis da ita ranar da manya za su zo, biro uku a hannu. Na maimaita mata: karanta sau biyu, batutuwa a gefe, gaya wa Inna, ƙirga, rage, rubuta adadin a ƙasa. Ta ce, "Na ji, Malama," ta shiga. Na zauna a wani benci a ƙarƙashin bishiya tare da mazajen wasu da matan wasu, awa ɗaya cur, ina jin kamar ni aka sa a gaba.

Da suka fito na hango ta a cikin mutane tana tafiya a miƙe, fuskarta ba ta nuna komai. Ta zo ta zauna kusa da ni.

"Yaya?"

"Na gama kafin a ce a ajiye biro. Ɗari da sha takwas."

Na ce alhamdu lillahi. Da na bar maganar a nan, da mun samu mako uku na kwanciyar hankali. Amma ni ce, kuma na san irin kan da take da shi. Na ciro takarda daga jaka na ce ta karanto mini rubutun da aka ba su. Ta rufe ido ta karanto kusan dukansa. A kan dalilan da ke sa marasa lafiya su daina shan magani kafin ya ƙare ne. Na fitar da batutuwa shida, wato maki biyar-biyar ke nan. Sannan na ce ta karanto amsarta, a hankali, ina rubutawa.

Batu na farko ya fito lafiya: wasu suna dainawa da zarar sun ji sauƙi, suna zaton sun warke. Na biyu kuwa tun daga kalmar farko na ji muryar ta canza, ta zama irin ta sanarwa. Na ɗago kai.

"Na sani," ta ce. "Mai tsaron jarrabawa ya ce saura minti ashirin, hannuna ya tafi. Na so in gyara, ban ga inda zan kama ba."

Na ce ba komai, biyar ce ta tafi. Na uku da na huɗu suka zo da kyau, da gajerun kalmomin nan nata na kunnen Inna. Daga nan ta ɓata layi biyu a kan labarin wani direba da marubucin ya kawo misali, ta tsallake batu na biyar gaba ɗaya. Wata biyar ta tafi. Na shida ya zo a ƙarshe, daidai, da bakinta. Na yi lissafi a raina, huɗu sau biyar, ashirin. Ko an cire mata ɗaya ko biyu na ƙananan kurakurai ta haye. Har na buɗe baki zan gaya mata, sai idona ya tsaya a kan tsawon abin da na rubuta. Na shekara goma sha shida ina duba irin wannan takarda, na san yadda kalma ɗari da ashirin take cika shafi a rubutuna. Wannan ta fi.

Na fara bi da bakin biro. Yaya tana magana a kan wata mata da ta zauna kusa da ita tana ta kuka, ban ji ba. Hamsin. Tamanin. Ɗari, kuma ban kai batu na ƙarshe ba. Ɗari da sha tara da ɗari da ashirin suka faɗa a kan "Wasu kuma". Na ja layi a tsaye a wurin, kamar yadda mai dubawa zai ja. Abin da ya rage a bayan layin shi ne: "ba a yi musu bayani tun farko cewa dole su shanye maganin duka ba." Kalma goma sha huɗu, batun gaba ɗayansa. A ƙa'idar da aka buga a saman takardarsu, abin da ya wuce iyaka ba a karanta shi.

Na sake ƙirgawa daga ƙasa zuwa sama. Ɗari da talatin da huɗu.

"Yaya, kin ƙara wani abu yanzu da ba ki rubuta a ciki ba?"

"Ni? Ko waƙafi."

"To yaya kika ƙirga?"

"Yadda ake ƙirgawa mana. Bugu ɗari biyar da casa'in, a raba biyar."

"Bugun me?"

Ta kalle ni da mamaki, irin kallon da take mini ina ƙarama idan na kasa ɗaura ɗankwali. Ta ce a makarantar koyon tafireta abin da aka fara koya musu ke nan: bugu biyar shi ne kalma ɗaya, harafi ne, aya ce, ko tazarar da ke tsakanin kalmomi. Da shi ake auna saurin kowa, da shi aka ba ta shaidar kalma sittin a minti. Ta ƙirga bugun kowane layi, ta haɗa, ta raba, har sau biyu don ta tabbata. Adadin da kwamfuta ke nunawa a ƙasan allo kuwa ba ta taɓa kula shi ba, don ba wanda ya taɓa tambayarta tsawon wasiƙa.

Sai a lokacin na gane. A lissafinta "a" da "yi" da "su" ba su kai kalma ba, sai an haɗa biyu ko uku. A lissafin mai dubawa kowace ɗaya ce, daidai da "gwamnati". Kuma ni na cika mata baki da irin waɗannan ƙananan kalmomi, ni na ce ta gaya wa Inna. Mako bakwai ina koyar da ita, ban taɓa barin ta ta ƙirga ko layi ɗaya a gabana ba.

Na gaya mata. Ban san yadda zan sassauta ba, don haka na faɗa a miƙe, na nuna mata layin. Ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa a kan kalmar farko ta fara bi ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta na motsi. Mutane suna ta wucewa suna tambayar juna amsa. Da ta kai layin ta tsaya, yatsan ya daɗe a wurin.

"Yanzu nawa ke nan?"

"Uku sau biyar. Sha biyar."

"Sha biyar ake nema."

"Idan ba a cire ko rabin maki ba."

"Ana cirewa?"

Na ce ana cirewa, idan jimla ta karkace ko batu bai cika ba. Sai ta yi tambayar da na san tana zuwa. Ta ce tunda ta rubuta ɗari da sha takwas a ƙasa, ba zai yiwu mai dubawa ya yarda ya wuce ba? Na so in ce zai yiwu. Akwai ragwaye a cikinmu, akwai masu takarda ɗari uku a gabansu da ciwon baya. Amma ta tambaye ni ne kai tsaye: "Ke da ce, za ki ƙirga?" Na ce da ni ce, zan ƙirga. Ta gyaɗa kai, ta ninke takardar gida huɗu, ta miƙo mini.

A mota ban iya yin shiru ba. Na ce laifina ne, na maimaita har direba ya fara leƙenmu ta madubi. Ta ce, "Auta, ki bari mana. Ke kika sa na kai sha biyar ɗin ma." Wannan ya fi mini zafi a kan ta zage ni. Da muka isa gida Inna ta tambaya yaya jarrabawa, Yaya ta ƙwala mata cewa an gama, sai jira, ta wuce ta ɗora ruwan shayi.

Mako uku na yi ina addu'ar da malami bai kamata ya yi ba, Allah Ya haɗa takardar yayata da rago. Na sake duba batutuwa ukun nan ya fi sau ashirin. Wata rana in ga sha biyar cif, wata rana in ga na huɗu ya ɗan gaza, kamar ta faɗi rabinsa ta bar rabi. A aji na zama abin tsoro. Na hana kaina taɓa takardar kowa, na sa yara arba'in da biyu suna bin kalmominsu da yatsa suna ƙirgawa a bayyane, suna kallona suna mamakin abin da ya same ni. Yaya kuwa kullum ƙarfe bakwai da rabi tana ɗakinta na ƙarshen baranda, tana buga ɗan abin da ake kawo mata, wanda bai fi wasiƙa biyu ko uku a yini ba.

Ran wata Alhamis, a hutun ƙarfe goma sha ɗaya, ina ɗakin malamai wayata ta yi ƙara. Yaya ba ta kira a lokacin aiki, ko ranar da Inna ta faɗi a banɗaki saƙo ta aiko. Na fita baranda.

"Takardar ta zo," ta ce. Muryarta daidai, kamar za ta tambaye ni kuɗin tumatir.

"Nawa?"

"Sha huɗu."

Na jingina da bango. Na ce akwai ɗaukaka ƙara, akwai neman a sake dubawa, zan rubuta, na san wanda zan gani. Ta bar ni na gama.

"An ƙirga, Auta. Sun rubuta ɗari da talatin da huɗu a gefe, sun zagaye. Ba su zalunce ni ba."

"To me wasiƙar ta ce? Ba wata hanya?"

"Shafi biyu ce. In karanta miki duka, ko in taƙaita?"

Ina jin ƙarar fankar ɗakinta ta cikin wayar.

"Sun ce in miƙa makulli ƙarshen wata," in ji Yaya. "Kalma bakwai. Da yatsa na ƙirga."

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka fara gudu suna komawa aji ta gefena. Ina riƙe da wayar a kunne, ita ba ta kashe ba, ni ma ban kashe ba.